Tsayi ko Faɗi? Lissafin da Ke Rage Cin Ƙarfe a Gwangwani da Tankin Ruwa

Mai ƙera gwangwani ba shi da ta cewa a kan yawan abin da za a zuba a ciki. Idan mai kaya ya ce lita ɗaya yake so, lita ɗayan nan za a ba shi, ba ragi ba ƙari. Abin da ya rage a hannun maƙerin shi ne siffa. Yana iya yin gwangwanin dogo siriri, yana iya yin sa gajere mai faɗin baki, kowanne kuma ya ɗauki lita ɗaya cif. Sai dai ƙarfen da za su ci ba ɗaya ba ne, kuma ƙarfe da kuɗi ake saye. Wannan matsala ce ke gaban masana'antar da ke buga gwangwanin madara dubbai a rana, ita ce kuma ke gaban mai walda a Panteka ta Kaduna ko maƙeri a kasuwar Katako ta Yamai idan aka zo masa da aikin tankin ruwa. An riga an yanke abin da mazubin zai ɗauka. Wane tsayi da wane faɗi za a ba shi don ya ci ƙarfe mafi ƙanƙanta?

Tambayar tana da amsa tsayayya, kuma ba sai mutum ya je jami'a zai gane dalilinta ba.

A sami gwangwanin madara ta ruwa wanda aka shanye, a wanke shi. A yanke murfin da gindin, sannan a sa almakashin ƙarfe a tsaga jikin daga sama zuwa ƙasa, a buɗe shi a danne a kan benci, ana kula da kaifin bakin. Abu uku za a gani a shimfiɗe: faifai biyu masu zagaye, da falle guda mai kusurwa huɗu. Fallen nan tsayinsa shi ne tsayin gwangwanin, tsawonsa kuma shi ne kewayen bakin. Duk ƙarfen da ke jikin gwangwani ke nan, in aka ɗauke ɗan abin da aka kalmasa a leɓe. Saboda haka lissafin ƙarfe bai wuce auna filin waɗannan guda uku a haɗa ba.

Masu lissafi suna kiran rabin faɗin baki, wato daga tsakiya zuwa gefe, da harafin r, tsayi kuma h. Alamar π tana nufin 3.14 da 'yan kai, wato sau nawa kewayen da'ira ya ninka faɗinta. Da waɗannan ake rubuta abin da gwangwanin ke ɗauka, V, da ƙarfen da ya ci, A:

```
V = πr²h
A = 2πr² + 2πrh
```

Kashin farko na A shi ne murfi da gindi, na biyun shi ne jiki. Lita ɗaya daidai take da cikin ƙaramin akwati mai santimita 10 ta kowane ɓangare, wato V ya zama 1000 idan da santimita ake awo. Tunda V a ɗaure yake, da zarar an zaɓi faɗi, tsayi ya zaɓi kansa. Ba a iya taɓa ɗaya a bar ɗaya.

Bari mu gwada da gwangwanin lita ɗaya. A ba shi faɗin santimita 6. Dole tsayinsa ya haura santimita 35, kuma zai ci ƙarfe murabba'in santimita 723. A buɗa shi zuwa faɗin 8, tsayi ya sauko kusan 20, ƙarfe ya koma 601. A faɗin 10, tsayi 12.7, ƙarfe 557. Har nan mutum zai ce ashe faɗaɗawa ita ce dabara, a yi ta yi kawai. To a ci gaba. A faɗin 12, tsayi 8.8, ƙarfe 560. Ya fara hawa. A faɗin 16, tsayi kusan 5, ƙarfe 652. A faɗin 20 kuwa abin ya zama faranti mai zurfin santimita 3, ya cinye 828, ya fi ma dogon nan na farko ɓarna.

Ƙarfen ya yi ta sauka, sannan ya juya ya yi ta hawa, kuma juyin ya faru ne tsakanin faɗin 10 da 12. Idan aka matsa bincike a wannan tsakanin, za a tsaya a kan faɗin santimita 10.84. A wannan faɗin, tsayin da ke ba da lita ɗaya shi ma 10.84 ne, ƙarfe kuma murabba'in santimita 554. Babu wani gwangwani mai murfi, mai zagayen baki da miƙaƙƙen jiki, da zai ɗauki lita ɗaya da ƙasa da haka. Kuma ba a lita ɗaya kaɗai abin ya tsaya ba: ko cokali ne za a zuba ko tan, gwangwani mai murfi ya fi tsimin ƙarfe idan tsayinsa da faɗinsa suka zo ɗaya. Wanda ya ɗora tef a kan ƙaramin gwangwanin madarar nan da ake awon gyaɗa da shi a kasuwa zai tarar bai yi nisa da wannan siffa ba.

Ɗaya na gindi, biyu na jiki

Sanin amsa daban, sanin dalilinta daban, kuma a nan dalilin ya fi amsar amfani, domin shi ne ake ɗauka a kai wa kowane irin mazubi.

A ce an ƙara wa faɗin gwangwani kashi 1 cikin 100. Murfi da gindi ba kashi 1 za su ƙaru ba, kashi 2 ne, saboda faifai yana buɗewa ta tsawo da ta faɗi a lokaci guda. Tunda gindin ya ƙaru da kashi 2, dole tsayi ya ragu da kashi 2 don kada abin da ke ciki ya wuce yadda aka ce. Saura jiki. Jiki kewaye ne sau tsayi. Kewaye ya ƙaru da kashi 1, tsayi ya ragu da kashi 2, saboda haka jiki ya ragu da kashi 1. Ma'ana, duk ɗan faɗin da aka ƙara, ana biyan kashi 2 na ƙarfen murfi da gindi, ana kuma samun rangwamen kashi 1 na ƙarfen jiki.

Yanzu ciniki ya fito fili. A gwangwanin nan mai faɗin 8, murfi da gindi sun ci 101, jiki ya ci 500. Idan aka ɗan faɗaɗa shi, za a biya 2 a sami rangwamen 5. Riba ce, a faɗaɗa. A mai faɗin 16 kuwa, murfi da gindi sun ci 402, jiki 250. Ƙarin faɗi zai sa a biya 8 a sami 2 da rabi. Faɗuwa ce, a matse shi. Inda ba riba ba faɗuwa shi ne inda abin da ake biya da abin da ake samu suka zo daidai, wato inda ƙarfen jiki ya ninka na murfi da gindi sau biyu. A gwangwanin 10.84, murfi da gindi 185, jiki 369. Ɗaya da biyu.

A ganina wannan ita ce ƙa'idar da ta cancanci a riƙe, fiye da "tsayi daidai da faɗi", domin waccan ga gwangwani mai murfi kaɗai take aiki, wannan kuwa ba ruwanta da ko bakin zagaye ne ko mai kusurwa huɗu, ko da murfi ko babu. Sharaɗinta biyu ne: jikin ya miƙe tsaye daga gindi zuwa baki, kuma idan za a faɗaɗa a faɗaɗa ta kowane ɓangare bai ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ya tafi shimfiɗe, kashi biyu su tafi tsaye.

Ɗalibin da ya kai ga kalkulas a babbar sakandare zai ga wannan aikin a wata riga. Ana cire h daga lissafin ƙarfe ta hanyar sa V a madadinsa, sannan a nemi inda saurin canjin A ya zama sifili:

```
A = 2πr² + 2V/r
dA/dr = 4πr − 2V/r² = 0
V = 2πr³
h = 2r
```

Layi na biyu ba wani abu ba ne illa cinikin da muka yi yanzu: 4πr shi ne abin da ake biya, 2V/r² shi ne rangwamen. Hanyar rubuta shi haka ta samo asali ne daga Gottfried Leibniz, wanda ya wallafa takardarsa ta farko a kan kalkulas a 1684, kuma neman mafi girma da mafi ƙanƙanta ne ma a kan sunan takardar.

Tankin lita 4000

A cire murfi, lissafi ya canza, kuma nan ne masu aikin hannu suka fi shiga ciki. A ce mai buga bulo yana son buɗaɗɗen tanki na ƙarfe, mai kusurwa huɗu, wanda zai ɗauki lita 4000. Lita 1000 ita ce cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, don haka ana neman ninki huɗu na wannan. Idan gefen gindin x ne, zurfin kuma h:

```
V = x²h
A = x² + 4xh
```

Gindi guda ne yanzu, bango huɗu. Ƙa'idarmu ta ce bangon ya ninka gindin sau biyu. Hakan na faruwa ne idan faɗin gindi ya ninka zurfi sau biyu. Ga lita 4000 lissafin ya faɗo a kan lambobi masu daɗin aiki: gindi mita 2 da mita 2, zurfi mita 1. Gindin ya ci murabba'in mita 4, bango huɗu kowanne 2, jimla 8. Duka 12.

A kwatanta da abin da wani zai iya yankawa da ido. Idan ya yi gindi mita 1 da mita 1, ya ɗaga shi mita 4, ƙarfe zai kai murabba'in mita 17. Idan ya shimfiɗa shi mita 3 da mita 3, zurfin zai tsaya a santimita 44, ƙarfe ya haura 14. Idan ya yi shi dogo irin na shayar da dabbobi, mita 4 da mita 1 da zurfin mita 1, ƙarfe 14 cif, duk da cewa zurfin bai canza ba. Wannan na ƙarshen yana nuna wani abu daban: gindi mai tsawo da faɗi ɗaya ya fi dogon gindi tsimin bango, saboda kewayensa ya fi gajarta. Akwatin da tsawo da faɗi da zurfinsa suka zo ɗaya, wanda mutane da yawa za su rantse shi ne ya fi, yana cin 12.6. Ya kusa, amma bai kai ba. Shi sarautarsa sai da murfi: idan za a rufe tankin, mai ɓangarori daidai, kusan mita 1.59 kowanne, yana cin 15.1, shi kuwa namu mai mita 2 da 2 da 1 ya koma 16.

Bambancin 12 da 17 ba ƙarami ba ne idan aka ɗora shi a sikeli. Murabba'in mita ɗaya na baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85. Da falle mai kaurin milimita 3, tankin murabba'in mita 12 zai yi kusan kilo 283, na 17 kuwa kilo 400. Kilo 117 na ƙarfe ke nan aka saya, aka yi dakonsa, aka yanka, ba tare da ya ƙara wa mai tankin ko kofi ɗaya na ruwa ba. Layin walda ma haka. Gajeren yana buƙatar mita 8 a kewayen gindi da mita 4 a kusurwoyi, dogon kuwa mita 4 a gindi da mita 16 a kusurwoyi. Kuma ruwa yana da nasa hukuncin: kowace mita ta zurfi tana ƙara nauyin tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita a can ƙasa. Bangon da ruwa ya hau mita 4 a bayansa zai kumbura in ba a ƙara masa kauri ko an yi masa ɗamara da ƙarfe ba. A nan tsimin ƙarfe da ƙarfin tanki hanya ɗaya suka bi.

Da za a iya naɗe fallen a yi tankin zagaye marar murfi, da an ƙara samun sauƙi. Ƙa'idar ɗaya da biyu ta ba da zurfi daidai da rabin faɗin baki: faɗi kusan mita 2.17, zurfi 1.08, ƙarfe ɗan sama da murabba'in mita 11. Sai dai naɗin falle mai kauri yana son injinsa, ba kowane shago ke da shi ba.

Kuskure kaɗan ba ya kashe kasuwa

A sake duba lambobin gwangwanin lita ɗaya. A faɗin 10, ƙarfe 557. A 10.84, ƙarfe 554. A 12, ƙarfe 560. An motsa faɗin da santimita 2, ƙarfen ya motsa da wajen kashi 1 cikin 100 kawai. Yanayin kamar cikin ƙwarya ne: daga baki gangaren yana da tsanani, amma a can gindi kusan a shimfiɗe yake, sai a matsa hagu ko dama ba a ji an hau ba. Dalilin a bayyane yake daga cinikin da muka yi. Kusa da mafi kyawun siffa, abin da ake biya da abin da ake samu sun kusa cinye juna.

Johannes Kepler, masanin taurarin nan na Jamus, ya lura da wannan hali tun kafin a san kalkulas. Yana zaune a Linz ta ƙasar Ostiriya ya ga yadda 'yan kasuwa ke auna gangunan ruwan inabi ta hanyar zura sanda a karkace ta ramin ganga, ya zauna ya binciki lissafin, ya fitar da littafi a kai a 1615. Tambayarsa ta ɗan bambanta da tamu, amma a ciki ya nuna cewa a kusa da inda abu ya kai ƙololuwarsa, ɗan sauyin siffa ba ya kawo bambancin da za a gani.

Ga gwangwani mai murfi ana iya sa wa wannan lamba. Idan tsayi ya kai faɗi ɗaya da rabi, asarar ƙarfe ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Idan tsayi ya ninka faɗi sau biyu, asarar kashi 5 ce. Sau uku, kashi 12. Ta ɗaya ɓangaren, idan tsayi rabin faɗi ne, asarar kusan kashi 6, idan rubu'i ne ta kai kashi 26. Duron nan na ƙarfe da ake kira mai lita 200, wanda ake zuba mai ko a tara ruwa a ciki, faɗinsa wajen santimita 57 ne, tsayinsa wajen 85. Bai bi ƙa'ida sau da ƙafa ba, amma abin da ya yi asara bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ya kuma sami siffar da mutum ɗaya zai iya karkatawa ya mirgina, wadda huɗu ke zama daidai a kan katakon dako. Wannan ciniki ne mai kyau, kuma duk mai sana'a yana da irin wannan sarari. Wanda zai ɓata falle sabo don ya cike santimita 3 da lissafi ya nuna, bai fahimci lissafin ba. Abin gudu shi ne yin nisa, kamar tankin nan mai mita 4.

Me ya sa lemon gwangwani ya yi tsawo?

Gwangwanin lemo mai mililita 330 faɗinsa wajen santimita 6.6 ne, tsayinsa 11.5. Lissafinmu na farko zai ce a yi shi 7.5 da 7.5. Masana'antun da ke buga biliyoyinsa ba jahilcin lissafi ne ya hana su ba. Mu ne muka yi zaton abin da ba haka yake ba, wato cewa kaurin ƙarfen ɗaya ne ko'ina. A matsa jikin gwangwanin lemo da yatsa, zai lotsa nan take, don kaurinsa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A gwada matsa murfin ko gindin. Sun ninka jikin kauri sau biyu ko fiye, domin su ne shimfiɗaɗɗun wuraren da iskar lemon ke turawa, murfin kuma shi ke ɗauke da maɓallin buɗewa.

Ƙa'idar ɗaya da biyu ba ta rushe ba, sai dai a daina auna fili a koma auna nauyi ko kuɗi. Abin da aka kashe a jiki ya ninka abin da aka kashe a murfi da gindi sau biyu. Idan murfi da gindi sun ninka jiki kauri sau biyu, mafi arhar gwangwani shi ne wanda tsayinsa ya ninka faɗinsa sau biyu. Gwangwanin lemo yana tsakanin ɗaya da rabi da biyu. Tsadar murfin ce kuma ta sa ake matse wuyan gwangwanin daga sama, don faifan da za a rufe shi da shi ya ƙanƙance. Sauran kuma hannun mai sha ne da bakinsa suka yanke.

Haka abin yake ga mai gina kwamin ruwa ko tafkin kifi da bulo da siminti. Daɓen ƙasa da bango ba kuɗinsu ɗaya ba. Idan murabba'in mita na daɓe rabin kuɗin na bango ne, mafi arhar siffa ita ce faɗi ya ninka zurfi sau huɗu, ba sau biyu ba. Sai dai mai buɗaɗɗen mazubi a ƙasar zafi ya tuna cewa yawan faɗin baki yawan ruwan da rana za ta sha ne, ga ƙura lokacin hunturu.

Akwai kuma ƙarfen da ba ya shiga jikin gwangwani amma an biya kuɗinsa. Tun da Peter Durand ya karɓi takardar mallakar fasahar gwangwani a Ingila a 1810, daga shimfiɗaɗɗen falle ake yanko faifan murfi da gindi, kuma da'ira ba ta cika falle. Idan aka jera faifan layi-layi, kowanne a cikin ɗakinsa mai kusurwa huɗu, fiye da kashi 21 cikin 100 na fallen ragowa ne. Idan aka saka kowane layi a cikin lungun na gabansa, ragowar ta sauko wajen kashi 9. Jiki kuwa ana yanka shi ba ragowar kirki, tunda mai kusurwa huɗu ne. Saboda haka murfi da gindi sun fi yadda suke a ido tsada, kuma lissafi ya ɗan karkata zuwa tsawo: da yankan farko tsayi ya zama faɗi sau 1.27, da na biyu sau 1.1. Babbar masana'anta tana mayar da ragowarta a narke. Ƙaramin maƙeri kuwa a farashin gwangwan zai sayar da ita, don haka shi wannan gyaran ya fi shafa.

Inda ake zamewa

Kurakuran ɗalibai a wannan lissafi sanannu ne. Wani ya sa faɗin baki gaba ɗaya a gurbin r, alhali rabinsa ake nufi. Wani ya ƙirga murfi a akwatin da aka ce buɗaɗɗe ne. Wani ya bar V a lita yana auna r da santimita. Duka ukun ana kama su da gwaji guda: a lissafa ƙarfen jiki daban, na gindi da murfi daban, a ga ko na farko ya ninka na biyu sau biyu, sannan a mayar da awon cikin lissafin V a ga ko ya ba da abin da aka nema.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne ɗaukar amsar wata tambaya a kai wa wata. Sau da yawa mai sana'a ba da yawan ruwa yake farawa ba, da falle yake farawa. Ga falle mai santimita 120 da 120 a gabansa, zai yanke kusurwoyi huɗu ya lanƙwasa gefuna sama ya yi buɗaɗɗen akwati, yana son ya ɗauki iya abin da zai iya ɗauka. Idan ya bi "faɗi ninki biyu na zurfi", zai yanke santimita 30 a kowace kusurwa, ya sami gindi 60 da 60 da zurfi 30, wato lita 108. Amma da ya yanke santimita 20 kawai, da ya sami gindi 80 da 80 da zurfi 20, wato lita 128. A wannan tambayar ƙa'idar ita ce a yanke kashi ɗaya cikin shida na gefen fallen. Amsoshin sun bambanta ne saboda a nan kusurwoyin da aka yanke asara ce, zurfafa akwati kuma yana ƙara musu girma. A tambayarmu ta asali ƙarfen da ya shiga jikin akwati kaɗai muke ƙirgawa. Kafin a ɗauki alli a ja layi a kan falle, a tabbatar wanne ne a ɗaure, yawan abin da za a zuba ko girman fallen da ke hannu.

Girman mazubi ma yana da nasa tasirin, wanda ya fi na siffa nauyi. A raba lita ɗaya a ƙananan gwangwanaye takwas, kowanne a yi masa mafi kyawun siffa. Kowanne tsayinsa da faɗinsa rabin na babban ne, ƙarfensa rubu'i, takwas ɗin a haɗe sun ci murabba'in santimita 1107, ninki biyu na 554. Mai sayen tumatirin gwangwani ƙanana-ƙanana yana biyan kuɗin ƙarfe fiye da mai sayen babba guda, ko da nauyin tumatirin ɗaya ne. Haka mai yin tankuna biyu na lita 2000 zai sayi ƙarfe fiye da mai yin ɗaya na lita 4000 da kusan kashi 26 cikin 100.

Mai karatu da ke shirin ba da aikin tanki, kafin ka biya kuɗin falle ka karɓi awon da mai walda ya rubuta, ka lissafa filin gindi, ka haɗa da na murfi in akwai, sannan ka lissafa filin bango. Idan bangon ya kusa ninka su sau biyu, ka bar shi ya yi aikinsa. Idan ya ninka su sau biyar ko shida, ko kuma bai ma kai su ba, ku zauna ku sake awo tun ba a sa wa ƙarfen wuta ba.